Bugun Ƙasa Da Auren Zawarawa: Yadda Ake Duban Da Abin Da Shari'a Ta Ce

Godiya ta tabbata ga Allah, Masanin abin da ke fili da abin da ke ɓoye. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, akwai wata al'ada a ƙasar Daura, tun daga cikin birni har Zango da Baure da Mai'aduwa da Sandamu, wadda ba a cika zancenta a fili ba, ko da yake kowa ya san da ita. Idan mace ta kusa fita idda ko takaba, manema suka fara aiko da gaisuwa, sau da yawa ba a yanke magana sai wata tsohuwa ta gidan, uwa ko gwaggo, ta ɗaura ɗan kuɗi a bakin zane ta tafi wurin malamin duba. Tambayoyinta ba su wuce uku: shin yarinyar nan za ta sake aure, wane ne alheri cikin masu nema, kuma auren zai daɗe? In mijin farko mutuwa ya yi, akwai ta huɗu wadda ake yi da murya ƙasa ƙasa, watau ko ƙafarta ce ba ta da kyau. Mutane da yawa suna karɓar amsar waɗannan tambayoyi ba tare da sun san yadda aka samo ta ba, shi ya sa ya kamata a bayyana aikin tun daga tushe.

Hanyar da aka fi bi ita ce bugun ƙasa, wanda Larabawa ke kira ilmin ramli, watau ilmin rairayi. Ba a ƙasar Hausa aka fara shi ba. Littafin da masu wannan aiki suka fi dogara da shi na wani mutumin Magrib ne, Muhammadu Zanati, wanda ya rayu wajen ƙarni na 13. Mai duba yana baza rairayi a faifai ko a ƙasa, wani kuma yanzu takarda da alƙalami ne, sa'an nan ya sa mai tambaya ta riƙe niyyarta a zuci. Sai ya yi ta buga ɗigo da yatsa a layi, da sauri, ba ƙidaya, har ya yi layi 16. Daga nan ya bi kowane layi yana share ɗigo biyu biyu. A ƙarshen layi ko dai ɗaya ya saura ko biyu. Kowane layi huɗu suna ba da siffa guda mai hawa huɗu, saboda haka layi 16 suna ba da siffa huɗu, waɗanda ake kira iyaye mata. Duk abin da zai biyo baya daga waɗannan huɗun yake fitowa, ba a sake buga ƙasa.

Siffofin da ke iya fitowa 16 ne rak, kowace da sunanta na Larabci, a nan Afirka ta Yamma kuma an ƙara laƙaba musu sunayen annabawa da sahabbai, irin su Adamu da Idrisu da Nuhu da Yusufu, abin da ke sa wanda bai sani ba ya zaci aikin yana da tsarki. Gidajen da ake zuba su ma 16 ne. Gida na 1 shi ne na mai tambaya, na 2 na dukiya, na 5 na 'ya'ya, na 6 na ciwo, na 7 na aure, na 8 na mutuwa, na 15 kuma shi ne mizani, wanda ake ɗauka alƙalin dukan zanen.

Misali zai fi bayyana abin. A ɗauka wata mata ce a wani ƙauye tsakanin Daura da Zango, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyu, ga kuma manema biyu: wani ɗan kasuwa mai safarar dabbobi zuwa kasuwar Mai'aduwa, yana da mata biyu, da wani manomi maƙwabci wanda matarsa ta rasu. Gwaggonta ta je aka buga ƙasa. Siffa ta farko ta fito biyu, ɗaya, biyu, ɗaya, daga sama zuwa ƙasa, ita ce Ƙabdu Dahil, alamar samu. Ta biyu ta fito biyu, biyu, ɗaya, biyu, watau Bayadu, fari. Ta uku ɗaya ce a duk hawa huɗu, sunanta Ɗariƙi, hanya. Ta huɗu biyu, ɗaya, biyu, biyu, ita ce Humra, ja. Sun cika gida na 1 zuwa na 4.

To ina gidan aure zai fito? Mai duba yana ɗebo hawan farko na kowace uwa ya haɗa su ya cika gida na 5, hawa na biyu ya cika gida na 6, hawa na uku ya cika gida na 7, na huɗu ya cika na 8. Mai karatu yana iya gwadawa da kansa. Hawa na uku na siffofin nan huɗu shi ne biyu, ɗaya, ɗaya, biyu. Wannan siffa ita ce Ijtima'i, haɗuwa, kuma ba abin da mai neman aure ke so ya ji kamarta. Sai dai a maƙwabcinsa, gidan mutuwa, abin da ya sauka shi ne Ƙabdu Harij, alamar fitar abu daga hannu. Sauran gidajen ana samunsu ne ta haɗa siffa biyu biyu, hawa da hawa: in jimlar mara ce a sa ɗaya, in cika ce a sa biyu. In aka bi lissafin wannan zane har ƙarshe, abin da ke zama a mizani shi ne Uƙla, ma'anarta ɗauri.

Nan ne aikin ya bar hannun lissafi ya koma bakin mutum. Ɗauri yana iya zama ɗaurin aure, yana iya zama ƙunci da tsarewa a gidan miji. Fitar abu a gidan mutuwa tana iya nufin baƙin ciki ya fita ya ƙare, tana iya nufin za a sake rashi. Haɗuwa ta tabbata a gida na 7, amma zanen bai ambaci sunan ɗan kasuwa ko na manomi ba. Wanda zai zaɓi fassara ɗaya ya bar ɗaya shi ne mai duba, shi kuwa tun gwaggo tana gaisuwa ya riga ya ji wanda bakinta ya fi karkata gare shi, ya ji wanda ya kawo goro da turamen atamfa, wataƙila ma ya san duka mutanen biyu, don ƙauye ba ya ɓoye labari. Idan ya ce mai zuwa da tafiya shi ne rabonta, ya nuna Ɗariƙi a gida na 3, gwaggo za ta koma gida tana cewa ƙasa ta zaɓi ɗan kasuwa. Da ya ga dama sai ya nuna Uƙla ya ce mai zama wuri ɗaya ne, maganar ta faɗa kan manomi, kuma ba wanda zai ce ya saɓa wa littafinsa.

Akwai wani abin lura kuma. Da yatsan mai duba ya ƙara ɗigo guda a layi na uku, cikin ɗigon nan da ake bugawa ba ƙidaya, hawa na uku na siffar farko zai koma ɗaya maimakon biyu. Nan take gidan aure ya tashi daga Ijtima'i ya koma Ataba Harija, bakin ƙofar fita, wadda suke fassarawa da rabuwa. Matar dai ita ce, maneman su ne, ranar ma ba ta sake ba. Shi ya sa in aka buga da safe aka sake bugawa da la'asar ba a samun zane iri ɗaya, shi ya sa kuma masu sana'ar suke ƙyamar a maimaita tambaya guda. Yawan zanen da ke iya fitowa 65,536 ne, amma siffofin da ke iya zama a mizani 8 ne kawai, waɗanda jimlar ɗigonsu cika ce. Gwanin aiki yakan nuna wannan a matsayin asiri, ya ce in mara ta fito a mizani an yi kuskure. Gaskiya ne an yi kuskure, amma dalilinsa lissafi ne tsantsa: kowane ɗigo na iyayen nan huɗu yana shiga mizani sau biyu, abin da aka ƙidaya sau biyu kuwa ba ya zama mara. Ibnu Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya yi bayanin wannan sana'a a cikin Muƙaddima, ya nuna cewa ma'anonin siffofin da gidajen yarjejeniya ce da mutane suka ƙaga, ba su da hujja.

Wasu masu duba suna haɗawa da hisabin suna. Kowane harafin Larabci yana da adadi, sai a tara na sunan mace da na manemi, a yi ta zubar da tara tara, abin da ya saura a duba hukuncinsa a jadawali. Matsalar da ke nan ita ce ƙidayar haruffa iri biyu ce. A lissafin mutanen Gabas harafin sinun 60 ne, a na Magrib 300 ne. Sunan Musa a na farko 116 ne, a na biyu 356, in an zubar da tara tara saura 8 a wancan, 5 a wannan. Ashe Musa guda yana iya zama mijin arziki a zauren wani malami, ya zama abin gudu a zauren na gaba da shi.

Game da hukunci, masu bugun ƙasa suna da hadisi guda da suke riƙewa, kuma ingantacce ne, yana cikin Sahihu Muslim. Mu'awiya ɗan Hakam ya gaya wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa akwai masu zane a ƙasa cikin mutanensu, Annabi ya amsa masa cewa wani annabi ya kasance yana zane, wanda zanensa ya dace da na annabin nan to shi ke nan. Imamu Nawawi, da ya zo sharhin hadisin, ya ce abin da ake nufi hani ne, domin an rataya halaccin a kan dacewa da zanen wancan annabi, ba kuwa mai hanyar sanin ya dace. A cikin littafin nan dai aka ruwaito cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta dare arba'in. Alƙur'ani a Suratun Namli aya ta 65 ya keɓe sanin gaibu ga Allah, a ƙarshen Suratu Luƙman kuma ya bayyana cewa ba ran da ya san abin da zai aikata gobe, balle inda zai mutu. Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Daura kamar sauran ƙasar Hausa, ba ta yarda a duba taurari ba sai don gane alƙibla da sassan dare. Ba a musun cewa an yi malamai masu zurfi a irin waɗannan fannoni a wannan yanki, kamar Muhammadu al-Kashinawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, mai littafin Durrul Manzum. Amma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Nurul Albab, ya ambaci masu da'awar sanin gaibu ta zanen ƙasa da taurari cikin waɗanda ya yi wa inkari mai tsanani.

Mafi munin abin da duba ke haifarwa ga matar da mijinta ya mutu shi ne sunan farar ƙafa. Kalma guda daga bakin mai duba a kan gida na 8 ta isa ta bi mace har tsufanta, musamman in ta binne miji biyu. Manema su janye, dangin miji su riƙa kallonta a kaikaice, ita kuma ta shiga sayen tsari, yau baƙar akuya, gobe farin zakara, ban da kafin alƙalami, sau da yawa daga cikin ɗan tumunin da ta gada. Asma'u 'yar Umais ta auri Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ya yi shahada a Mu'uta shekara ta 8 bayan hijira, ta auri Sayyidina Abubakar ya rasu shekara ta 13, sa'an nan Sayyidina Aliyu ya aure ta, bai aika a duba masa ƙafarta ba. Idan kuwa mutuwar ta biyo bayan doguwar jinya ce, tari ko rama, akwai tambaya ta gaskiya a nan, wurin amsarta asibiti ne. Lokacin da Hukumar Hisba ta Kano ta fara aurar da zawarawa a 2012, da aure ɗari a rukunin farko, gwajin jini ta sa aka yi wa maza da mata kafin a ɗaura. Gwaji irin wannan yana kare mijin, yana kare matar, yana kare kishiyoyin da za ta tarar.

Shari'a ma tana da nata lissafin ga bazawara, kuma shi ne wanda in an kuskure shi ake ɓarna. Wadda aka saka tana idda da tsarki uku a mazhabar Maliku, wadda ta daina haila wata uku, mai ciki kuwa sai ta haihu, ko sakinta aka yi ko mutuwa aka yi mata. Takaba wata huɗu ce da kwana goma, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara aya ta 234. In mijin matar nan ta misali ya rasu ran 10 ga Rajab, ba ta fita sai wajen 20 ga Zulƙida. A cikin wannan lokaci an yarda manemi ya yi jirwaye da magana, ba a yarda da neman aure a fili ko ƙulla alkawari ba. Sau da yawa kuwa duban nan ana yinsa ne takaba ba ta kai rabi ba, mai duba ya ce tauraronta yana sama a watan Shawwal kada a bari ya faɗi, gida ya ɗauki gaggawa. A mazhabar Maliku wanda ya ɗaura aure da mace cikin idda har ya tare da ita, ana raba su, kuma ba ta halatta gare shi har abada. Wadda aka yi wa saki ɗaya ko biyu kuma, muddin tana cikin idda mijinta yana da ikon kome, ba a ko yi mata jirwayen. In iddar ta cika suka so su sake sabon aure, Suratul Baƙara aya ta 232 ta hana waliyyi ya tare hanya, malaman tafsiri kuma sun ce ta sauka ne a kan Ma'aƙil ɗan Yasar da ya rantse ba zai mayar da 'yar'uwarsa ga mijin da ya sake ta ba. Waliyyin da ya hana don ƙasa ta ce babu alheri a komawa, uzurinsa bai kai ko na Ma'aƙil ba, wanda fushin mutunci ne ya ɗebe shi.

Yadda ake zaɓe tsakanin manema biyu kuwa, an yi shi a gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Faɗimatu 'yar Ƙais ta gama iddar saki, Mu'awiya ɗan Abi Sufyan da Abu Jahm suka neme ta, ta zo neman shawara. Annabi ya gaya mata cewa Mu'awiya ba shi da dukiya, Abu Jahm kuma ba ya sauke sanda daga kafaɗarsa, wanda malamai suka fassara da dukan mata ko yawan tafiya, ya nuna mata Usama ɗan Zaid. Labarin yana cikin Muwaɗɗa da Sahihu Muslim. Wanda ake yi wa wahayi ne, amma abin da ya auna mata shi ne hali da abin hannu, abubuwan da duk mai bincike zai iya ganowa. Haka Ummu Salama, da Annabi ya neme ta bayan rasuwar Abu Salama, abin da ta kawo shi ne kishinta da shekarunta da 'ya'yanta, aka amsa mata ɗaya bayan ɗaya.

In aka bi wannan hanya a kan matar nan ta tsakanin Daura da Zango, tambayoyin suna da amsa a kusa. Matan ɗan kasuwa biyu suna samun ci da sutura ba tsangwama? Ya taɓa saki, sau nawa, me ya jawo? Wata nawa yake yi a hanya? Manomin, yaya ya riƙe marigayiyar matarsa lokacin jinyarta? Limamin unguwa da maƙwabta da abokan ciniki sun san waɗannan, faɗin aibin manemi ga mai neman shawara kuma ba giba ba ce. Sai babbar tambaya, wadda gida na 5 ba ya amsawa: ina 'ya'yan nan biyu za su zauna? A mazhabar Maliku, uwa in ta auri wanda ba muharramin yaran ba ne kuma ta tare, haƙƙin renonsu yana barin hannunta ya koma ga kakarsu ta wajen uwa, in babu sai mai bi mata. Mace ta cancanci ta san wannan tun ba a sa rana ba, a kuma ji daga bakin manemi ko zai riƙe agola ko ba zai riƙe ba, a gaban shaidu.

Bayan bincike sai istihara, kuma a nan ma an gauraya abubuwa, don wasu masu duban sun ari sunan, suna cewa a kawo sunan mace da na uwarta su kwana a kai su ga abin da za a nuna musu. Istiharar da Jabir ya ruwaito a cikin Buhari raka'a biyu ce ta nafila da addu'a, mai buƙatar ne ke yi da kansa, ba a kuwa shardanta mafarki a cikinta ba. Bazawara ita za ta yi abarta, ko da Hausa ta roƙa in ba ta haddace lafazin ba, sa'an nan ta ci gaba da abin da ya sauƙaƙa. Maganar ƙarshe ma tata ce. Hansa'u 'yar Hizam ta taɓa aure, ubanta ya aurar da ita ba da sonta ba, ta kai ƙara, Annabi ya warware auren. Saboda haka ko gwaggo ta dawo da labarin cewa ƙasa ta zaɓi ɗan kasuwa, waliyyi ba shi da ikon ɗaura wa bazawara aure sai ta furta yardarta da bakinta, shirunta ba ya isa kamar yadda yake isa ga budurwa. Allah ne Mafi sani.